'Yata ta suma bayan allurar rigakafi, mu koma ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. An gano maigidana yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, aka gwada mu duk gidan, aka ce yaran su fara rigakafi. Babbar 'yata mai shekara 14, ana gama yi mata muka miƙe za mu teburin kati, sai ta ce min kunnenta na ƙara, kafin in juyo ta zube ƙasa. Hannunta har ya ɗan fizga. Ba a yi minti ɗaya ba ta farka tana zufa. Saura mako 2 a yi ta biyu, babanta ya ce ba za ta koma ba, kakarta kuma ta ce iska ce. Muna Tudun Wada, Zariya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da hankali, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Na san tashin hankalin da uwa ke shiga idan ta ga ɗanta a ƙasa ido a kakkafe, ko da na daƙiƙa 10 ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin allura a nan Zariya, kuma yadda kika ba da labarin nan, da ƙarar kunnen, da faɗuwa bayan miƙewa, da farkawa nan take cikin zufa, ya yi kama sosai da suman da muka fi gani a wurin matasa. Shawarata ita ce ta koma, amma a yi mata a kwance. Sai dai akwai abin da nake so ki tabbatar tukuna, domin ban ga yarinyar da idona ba.

Bari mu fara da abin da ya faru a jikinta. Maganin da ke cikin sirinjin bai wuce mililita 1 ba, kuma a cikin naman dantse aka zuba shi. Ba shi ne ya zagaya jiki ya kayar da ita ba. Abin da ya kayar da ita wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta isa zuciya da ciki, wadda aikinta shi ne taka wa zuciya birki. Lokacin da yarinya ke zaune tana jiran layi ya zo kanta, tana jin ƙannenta na ihu, zuciyarta bugawa take da sauri, jininta a sama. Da allura ta shiga ta fita, sai jikin ya saki gaba ɗaya a lokaci guda, kuma a wasu mutane sakin yakan wuce gona da iri. Bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jinin ƙafafu su buɗe, jini ya taru a ƙasa. Idan tana zaune ko tana kwance, watakila jiri kawai za ta ji ya wuce. Amma ta miƙe tsaye, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana can sama, ba ta jure yankewar jini ko na daƙiƙa 10. Ƙarar kunne, duhun ido, tashin zuciya, jin zafi ya taso daga ciki, hamma, zufa mai sanyi, duk saƙon ƙwaƙwalwa ne cewa jini ya yi mata kaɗan. Da ta faɗi, kai da zuciya suka daidaita a ƙasa, jini ya koma, ta farka. Shi ya sa ba ta daɗe ba.

Hujjar da na fi ba iyaye maza, domin su ne suka fi cewa "maganin ne", ita ce wannan: na sha ɗaga yaran da ba a ma taɓa su ba. Akwai wani saurayi ɗan shekara 16 da ya rako ƙaninsa a yi masa allurar tetanos bayan ya taka ƙusa. Yana tsaye yana riƙe da ƙafar ƙanin, yana ce masa ya yi jarumta. Ina zare allura sai na ji tim a bayana. Ƙanin na zaune lafiya lau, yayan ne a ƙasa. Haka muke gani wajen ɗibar jini, inda ba a zuba komai a jiki ba, cirewa ma aka yi. Shekarun balaga su ne lokacin da wannan abu ya fi yawa, 'yan mata sun ɗan fi, amma samari ma suna yi, kuma yakan bi gida. Ki tambayi babanta ko ke kanki ki tuna, da wuya a rasa wanda ya taɓa faɗuwa a asambulin makaranta ko wajen kallon yanka.

Yanzu ga abin da nake so ki tabbatar. Akwai wani abu daban, mai haɗari, wanda shi ma zai iya kayar da mutum bayan allura, wato jiki ya ƙi karɓar maganin ya yi bore mai tsanani. Likitoci na kiransa anafilaksis. Yana da wuyar faruwa ƙwarai, kusan sau 1 a cikin allurar rigakafi miliyan 1, amma idan shi ne, maganar ta canza, ba a sake yin wannan rigakafin sai likita ya yanke hukunci. Ki zauna ke da yarinyar ku tuna da kyau. Mai suma irin na tsoro fuskarta kan yi fari fat, leɓe ya koɗe, jiki ya yi sanyi da danshi, numfashi na tafiya daidai, idan aka taɓa bugun jini a wuya a ji shi a hankali, sau da yawa ƙasa da 60 a minti, kuma da zarar an kwantar da ita sai ta dawo. Mai boren jiki kuwa fata kan yi ja, ta yi rudu-rudu irin na borin jini da ƙaiƙayi, leɓe ko ido ko harshe su kumbura, murya ta dishe, tari ya sarƙe, ƙirji ya riƙa shewa kamar mai asma, bugun jini ya yi sauri amma ba ƙarfi, wani lokaci da amai da murɗar ciki. Kwantarwa ba ta warkar da shi, ƙara gaba yake yi har sai an yi allurar adiranalin a cinya. To, shin ta yi ƙuraje ko kumburi a ranar? Numfashinta ya canza? An yi mata wata allura kafin ta farfaɗo, ko da kanta ta tashi? Idan da kanta ta farka, ba ƙurji ba kumburi, ta koma gida ta ci abinci, to suma ne. Ki kuma koma wurin da aka yi allurar kafin ranar, ki tambayi nas ɗin da ta ɗaga ta me ta gani, me ta rubuta. Ita ta riƙe hannunta a lokacin, ta fi ni sanin bugun da ta ji.

Fizgar hannun ita ce ta fi tayar wa mutanen gida hankali, na sani, kuma ina jin ita ce ta sa Hajiya kaka ta ambaci iska. Mai suma yakan fizga, ba sabon abu ba ne. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata na ɗan lokaci takan aika saƙo a rikice, hannu ko ƙafa su zabura 'yan lokuta, ido ya juya sama, wani ma har fitsari ya kubce masa. Bambancinsa da farfaɗiya a tsawon lokaci yake da kuma yadda aka farka. Fizgar suma 'yan daƙiƙu ce, ba ta da tsari, kuma mutum na buɗe ido ya san ke ce uwarsa, ya san yana asibiti, sai dai kunya da kasala. Mai farfaɗiya jiki kan sandare, ya yi ta jijjiga minti 1 ko 2, sau da yawa ya ciji gefen harshe, bayan nan ya yi minti da yawa a ruɗe ko ya yi barci mai nauyi yana minshari. Game da Hajiya, ba sai kin yi musu da ita ba. Addu'a ba ta hana allura, allura ba ta hana addu'a. Abin da kawai nake roƙo shi ne kada a riƙa maimaita maganar iska a gaban yarinyar, domin tsoro shi ne makamashin wannan suman. Yarinyar da aka sa wa a rai cewa wani abu ne ya shige ta, za ta shigo ɗakin allura zuciya na dukan uku-uku, ta riga ta yi rabin hanyar faɗuwa.

Akwai kuma yanayin da zan ce kada ku tsaya a maganata, ku ga likita kafin ranar. Idan ta taɓa suma tana tsakiyar gudu ko wasa ko daka, ko tana kwance, ko ba tare da ko alamar jiri ba. Idan tana kukan ciwon ƙirji ko zuciya na fafara mata haka kawai. Idan a danginku ko na babanta an taɓa yin yaro ko matashin da ya faɗi ya rasu ba rashin lafiya. Waɗannan suna sa a duba zuciya, a yi gwajin da ake rubutawa ECG a takarda, kuma ana yin sa a asibitin koyarwa na Shika. Haka nan idan tana da sikila, ko jinin al'adarta na zuba da yawa kuma kina ganin tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, a auna yawan jininta. Ƙarancin jini a 'yan mata masu wannan shekarun ya yi yawa a wurinmu, kuma yana ƙara jiri. Idan kuma ta bugu a kai lokacin faɗuwar, har yanzu tana ciwon kai ko amai ko yawan barci, wannan na yau ne, ba na mako 2 ba.

Ga babanta kuwa, ki gaya masa cikin ladabi cewa allura ɗaya ba ta isa ba. Rigakafin nan sau 3 ake yi: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 da ta farko. Idan aka cika su, fiye da 90 cikin 100 na matasa suna samun kariya mai ɗorewa. Kuma ita ba yarinyar da ke nesa da cutar ba ce, a gida ɗaya suke da mai ita, inda reza ko abin yanke farce ko burushin haƙori ko ɗan jinin rauni kan iya haɗa su. Shi da ke zuwa asibiti ana duba masa hanta ya fi kowa sanin abin da ake gudar mata. Suman minti ɗaya ba ya barin komai a jiki. Abin da ke barin tabo shi ne ƙasan siminti, kuma wannan muna da maganinsa.

To, ranar zuwa. Shirin daga daren jiya yake farawa: ta yi barci da wuri, a karɓe waya idan ta kama. Da safe ta karya kumallo na gaske, ba shayi zalla ba. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, waina da miya, duk wanda ke gida, in dai da ɗan gishiri a ciki, domin gishiri na riƙe ruwa a cikin jini. Ina zargin ranar farko da yunwa kuka fita don ku kama layi, haka yawancinmu muke yi. Idan tana azumin Litinin ko Alhamis ko ramuwa, ta ɗaga shi zuwa wata rana. Idan kuma ranar ta kama ba ta da lafiya, zazzaɓi mai zafi ko gudawa, a ɗaga allurar 'yan kwanaki. Jinkiri ba ya ɓata ta farkon, ba a sake farawa daga tushe, ci gaba kawai ake yi.

Sai ruwa. Kamar minti 20 zuwa 30 kafin a kira ta, ta shanye rabin lita. Ledar fiyawata guda ɗaya daidai rabin lita ce, saboda haka ba sai kin auna ba. Ta sha duka a lokaci ɗaya, ba kurɓi-kurɓi ba, domin shan ruwa da yawa haka yana ɗan ɗaga ƙarfin jini na wani lokaci. An gwada wannan a wurin masu ba da gudummawar jini, ya rage jiri da suma. Ba ya hanawa gaba ɗaya, amma abu ne mai sauƙi. Ku je da sassafe kafin rana ta take, musamman idan lokacin bazara ne, watan Maris da Afrilu, da rumfar jira ke zama kamar tanda. Ke ki tsaya a layi, ita ta zauna a inuwa. Ta sa riga mai sakakken hannu da hijabi mara nauyi, wanda bai shaƙe wuya ba. Ƙannen kuma, ko a yi mata kafin su, ko ta jira a waje inda ba za ta ji kukansu ba. Na fi son a fara da ita.

Kuna shiga, kafin a fasa kwalba, ki ce: "Sista, wancan karon ta suma, don Allah a yi mata a kwance." Kada ki ji nauyi, kuma kada yarinyar ta hana ki don kunya. Mu wannan maganar taimako ce gare mu. Idan akwai gadon duba marasa lafiya, shi ke nan. Idan babu, benci ya isa, ko ki tafi da ƙaramar tabarma ko zani a shimfiɗa a gefe. Wanda ke kwance da wuya ya suma, in ma ya suma ba inda zai faɗa. Wannan shi ne mafi girman abin da ke cikin duk amsar nan.

Akwai wata dabara da nake koya wa matasa, kuma ina so ta fara gwada ta a gida tun yau, sau 2 ko 3 a rana, don ta zama jiki. Ta harɗe ƙafafu, ta matse cinyoyi da ɗuwawu da ciki da ƙarfi, kamar mai son matse wani abu tsakanin gwiwoyi, ta ƙirga zuwa 15 har ta ji ɗumi ya hau fuskarta. Sannan ta sassauta ta ƙirga zuwa 20 ko 30, ba sakin jiki sharaf ba, komawa daidai kawai. Ta maimaita sau 5. Matsewar nan tana tura jinin da ya taru a ƙafa ya koma zuciya, ƙarfin jini ya tashi. Kurakurai biyu nake gani. Na farko, yara kan riƙe numfashi yayin matsewa, wannan kuwa ƙara jiri yake yi, don haka ta riƙa ƙirgawa da baki a fili. Na biyu, sukan ƙanƙame hannun da za a yi wa allurar, sai ta fi zafi. Wannan hannun a sake shi laƙwas, ƙafafu ne ke aiki. Ta fara tun ana goge mata dantse, ta ci gaba bayan an zare allura, domin bayan zarewar ne jikin ke sakin nan da na faɗa.

Ta juya kai bango, ki tsaya ta wannan ɓangaren kina mata hira. Ba hirar allura ba, hirar ɗinkin Sallah ko jarrabawa ko bikin da ke tafe, wadda dole ta amsa. Kada ki ce mata ba zafi, ta riga ta san akwai. Ki ce zai yi zafi kaɗan kamar wancan, daƙiƙa 5 ya wuce. Kada kuma ki ce ta yi ta jan numfashi da sauri, shi ma yana kawo jiri da sanƙarewar yatsu. Numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Bayan allura ƙa'idar ita ce minti 15 a zaune ko a kwance ga kowa, domin mafi yawan suman a cikin wannan lokacin yake faruwa, akasari ma a minti 5 na farko. Ga wadda ta taɓa faɗuwa nakan ce ku cika rabin awa. Minti 15 a kwance, sannan ta tashi zaune ƙafafu na lilo ta yi minti 5 ko fiye, ta sha wani abu, sannan ta miƙe kina riƙe da ita. Ki duba agogo da gaske. A nan ne nake shan wahala da matasa: minti 2 sun ce "na warke", suna jin kunyar a gan su a kwance. Na taɓa sakaci da wani yaro haka, ranar layi ya yi tsawo, ya ce lafiyarsa lau, na bar shi ya fita. A matakalar ƙofa ya kife, haɓarsa ta tsage sai da aka ɗinke. Har yau idan na tuna ina jin ciwon abin, domin da na zaunar da shi minti 10 da ba a yi ba. Tun ranar ba na karɓar "na warke" daga bakin kowa sai agogo ya yarda. Maganar kati da biyan kuɗi, ke ki je, ko ku gama su tun kafin allurar.

Ki kuma yi yarjejeniya da ita: da ta ji ƙarar kunnen nan ko duhun ido, ko a ina take, ta kwanta nan take, in ba hali ta tsuguna ta matse ƙafafu. Daga jin alamar zuwa faɗuwa yawanci daƙiƙu ne kaɗan, ba su isa a nemi kujera ko a fita shan iska ba. Ƙurar da za ta taɓa hijabi wankewa ake yi.

Idan duk da haka ta sake suma, ki kwantar da ita rigingine, ki ɗaga ƙafafunta kamar santimita 30, a kan jakarki ko gwiwarki, ki sassauta hijabin, a ba ta iska. Kada a tallafe ta a zaunar, wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi cikin tausayi, kuma yana tsawaita suman yana ƙara fizgar, don kai ya koma sama da zuciya. Kada a ɗura mata ruwa ko lemo tana sume, zai iya bi ta hanyar iska. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba mari, ba albasa a hanci. Idan amai ya zo, a juya ta gefe. Idan minti 1 ya wuce ba ta farka ba, ko numfashi ya canza, ko kika ga ƙuraje da kumburi, ki ɗaga murya ki kira ma'aikata, a nan ba a jin kunya. Saboda wannan ne ma nake so a yi allurar a asibiti ko cibiyar lafiya inda ake ajiye adiranalin, ba a shagon magani na unguwa ba, kuma ba wani ya zo gida ya yi ba.

Wajen komawa gida kada ku hau acaɓa. Jiri kan iya dawowa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma bayan babur a cunkoson Agoro ko Ƙofar Doka ba wurin jiri ba ne. Ku shiga keke nafef ko mota, ta zauna a tsakiya. Ranar ta huta daga ɗiban ruwa a rijiya, tsayuwa kan murhu da hawa tsani. Ciwon dantse na kwana 1 ko 2 da ɗan ɗumin jiki ba komai ba ne, farasitamol ya isa. Ki roƙi nas ta rubuta a katin cewa ta suma a ta farko, da yadda aka yi ta biyu, saboda ta uku sai bayan wata 5, kuma mai yiwuwa ba wadda ta san ku za ku tarar a ɗakin ba.